Riba Ta Ƙaru, Durowa Ta Bushe: Yadda Mai Shago Zai Bi Sawun Kuɗinsa

Mai shagon kayan masarufi yana iya yin watan da bai taɓa ciniki irinsa ba, amma ranar da zai shiga kasuwar Singa ta Kano sari ya buɗe durowa ya tarar abin da ke ciki bai kai na buhun sukari ɗaya ba. A irin wannan rana yaron shago ake fara zargi. Wani lokaci da gaskiya, amma sau da yawa ba wanda ya ɗauki ko sisi. Kuɗin suna nan, sun dai koma wuraren da ba a iya sari da su.

Riba da tsabar kuɗi tambayoyi biyu suke amsawa. Riba tana gaya maka ko abin da ka sayar ya fi abin da ka kashe a kansa. Tsabar kuɗi kuwa suna gaya maka abin da ke hannunka yau. Ranar da ka ba maƙwabci katon ɗin taliya bashi, riba ta shiga lissafi, kuɗi ba su shiga durowa ba. Ranar da ka sari buhu goma na sukari ka jera a sito, kuɗi sun fita, amma ribarka ba ta ragu da ko naira ɗaya ba, domin sukarin naka ne har yanzu. A tsakanin waɗannan ranaku biyu ne duk ruɗanin yake.

Za mu bi shago ɗaya na misali daga farko zuwa ƙarshe. Shagon unguwa ne mai yaro ɗaya, ana sayar da taliya, madara, sukari, man gyaɗa, sabulu da lemo. Alkaluman na misali ne, kai sai ka sa naka a gurbinsu.

Fara da ƙidaya, ba da littafin ciniki ba

Ka tsayar da rana ɗaya a wata, ka riƙe ta. Daren ƙarshen wata bayan an rufe shago ya fi sauƙi. A wannan dare abubuwa huɗu za ka rubuta.

Na farko, kuɗin da ke hannu: na durowa, na banki, da na asusun da masu tiransifa ke turowa. Amma ka cire abin da ba na shagon ba ne. Idan kana sana'ar POS a gefe, jarinta daban. Idan wata ta ba ka ajiyar kuɗin adashi, ko wani ya ba da kuɗin kaya bai ɗauka ba tukuna, waɗannan amana ce a hannunka. Durowar da aka haɗa kuɗin mutum uku a ciki tana sa mai shago ya ji yana da nauyi alhali rabin nauyin ba nasa ba ne.

Na biyu, kayan da ke kanta da sito, a farashin da ka saro su. Nan ake yawan kuskure. Mutum ya ƙirga katon ashirin na madara ya ninka da farashin da yake sayarwa, ya ɗora wa kansa ribar da bai ci ba tukuna. Farashin sari za ka sa. Abin da ya fashe, ko ɓera ya taɓa, ko wa'adinsa ya wuce, kada ka sa shi a lissafi kwata-kwata.

Na uku, bashin da kake bin mutane, suna bayan suna, da ranar da kowa ya karɓa. Na huɗu, bashin da ake bin ka, na dila da na duk wanda ya ba ka kaya sai ka sayar ka kawo.

A shagonmu, daren ƙarshen Rajab an samu tsabar kuɗi naira 520,000, kaya na 1,500,000, bashin da ake bin mutane 100,000, dila kuma yana bin shagon 200,000. Daren ƙarshen Sha'aban, ana shirin azumi, aka sake ƙidaya. Tsabar kuɗi naira 50,000 kacal, kaya na 1,800,000, bashin mutane 280,000, na dila 300,000.

Wanda ya kalli durowa kaɗai zai ce shagon ya yi asarar dubu 470 cikin wata ɗaya. Ba haka ba ne.

Fitar da ribar gaskiya

Ciniki shi ne duk abin da ya fita daga shagon da sunan sayarwa, ko an biya ko ba a biya ba. A Sha'aban shagon ya yi cinikin naira 3,000,000, bayan a Rajab ya yi na 2,000,000.

Abin da za a cire daga ciniki shi ne kuɗin sarin kayan da aka sayar, ba duk sarin da aka yi a watan ba. Bambancin yana da girma. Mai shagon ya yi sarin naira 2,940,000 a watan, amma ba duka suka fita ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: kayan da ka fara wata da su, ka haɗa da sarin watan, ka cire kayan da suka rage. Wato 1,500,000 a tara da 2,940,000, a cire 1,800,000, saura 2,640,000. Wannan ita ce uwar kuɗin abin da aka sayar. A cire ta daga cinikin miliyan uku, ribar kaya ta zama naira 360,000, wato naira 12 a kowace ɗari.

Sai ɗawainiyar shago. Albashin yaro 30,000, wuta da man janareta 35,000, kuɗin mota da 'yan dako 25,000. Sannan haya, wadda ke bukatar a ɗan tsaya a kanta. Hayar shagon naira 240,000 ce a shekara, kuma a wannan watan ta faɗo aka biya gaba ɗaya. A lissafin riba ba za a ɗora wa Sha'aban hayar wata goma sha biyu ba, tunda wata ɗaya ya zauna a shagon. Rabonsa 20,000 ne. Jimillar ɗawainiya 110,000, ribar watan ta zama naira 250,000. A Rajab, da irin wannan lissafi, 150,000 aka samu.

Ka ga riba ta hau da dubu ɗari, a watan da kuɗin hannu suka sauka daga dubu 520 zuwa dubu 50. Duka biyun gaskiya ne.

Abu ɗaya da wannan hanya ke ɓoyewa: duk kayan da suka ɓace, ko aka kai gida ba a rubuta ba, ko yaro ya kwasa, suna shigewa cikin kuɗin kayan da aka sayar, tunda ba sa kanta ranar ƙidaya. Don haka idan ka san ribar kayanka ba ta kasa 12 a ɗari ba, amma lissafi ya ba ka 7, a nan ne zargi yake da tushe. A shagonmu 12 ɗin ta fito cif, babu ɓarawo a maganar.

Ina dubu 470 suka shiga?

Yanzu ka ɗauki ribar ka bi ta ƙofa-ƙofa. Ƙa'idar ita ce: duk abin da ya ƙaru a kanta ko a littafin bashi ya ci kuɗi, duk abin da ya ƙaru a bashin da ake bin ka ya bar maka kuɗi a hannu na ɗan lokaci.

Bashin mutane ya tashi daga 100,000 zuwa 280,000. Ƙarin 180,000 ɗin an lissafa shi cikin ciniki, an ci ribarsa a takarda, amma yana gidajen mutane. Daga ribar 250,000 saura 70,000.

Kaya sun ƙaru da 300,000. Mai shagon ya cika sito da sukari da madara da lemo saboda azumi. Tunani ne mai kyau, amma kuɗi ne suka zama kwalaye. Daga 70,000 an koma ƙasa da sifili da 230,000.

Bashin dila ya ƙaru da 100,000. Wannan shi kaɗai ne ya yi aiki ta ɗaya ɓangaren, domin kayan dubu ɗari ne suka shigo ba a biya ba. Giɓin ya ragu zuwa 130,000. Kada wannan ya faranta maka rai, mako mai zuwa dila zai aiko yaronsa.

Haya: an cire 20,000 a lissafin riba, amma 240,000 suka fita daga hannu. Ragowar 220,000 sun tafi ba tare da riba ta sani ba. Giɓi ya kai 350,000.

Na ƙarshe, kuɗin gida. Cefane, kuɗin makarantar yara, gudummawar biki, duk daga durowa, naira 120,000 a watan. Wannan ba ɗawainiyar shago ba ce, mai shago ne yake cin ribarsa, shi ya sa ba ta cikin lissafin riba. Giɓi ya cika 470,000. A cire daga 520,000 da aka fara da su, saura 50,000, daidai abin da aka tarar a durowa.

Idan naka lissafin bai haɗu haka ba, kada ka tilasta masa. Akwai abin da ba a rubuta ba. Yawanci kuɗin da aka zara da rana aka manta ne, ko bashin da aka ba wani da baki, ko tiransifar da aka nuna maka a waya amma ba ta shigo ba. Giɓin dubu biyu ko uku a shagon da ke juya miliyoyi ba abin ta da hankali ba ne. Na dubu hamsin kuwa sai an zauna.

Akwai hanyar tabbatarwa ta biyu. Dukiyar shago ita ce kuɗi da kaya da bashin da kake bi, a cire wanda ake bin ka. A farkon wata ta kama 1,920,000. A ƙarshe, idan aka haɗa da hayar wata goma sha ɗaya da aka riga aka biya, 2,050,000. Ta ƙaru da 130,000, wato ribar 250,000 bayan gida ya ci 120,000. Shagon ya fi arziki a ƙarshen watan. Amma dila ba ya karɓar wannan bayani a madadin kuɗinsa.

Me ya sa sai lokacin da kasuwa ta buɗe?

Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure wa mutane kai, kuma dalilinsa yana cikin kwanaki. Shagonmu yana fitar da kayan naira 88,000 a rana a farashin sari, wato 2,640,000 a raba gida talatin. Da kayan 1,800,000 a ƙasa, katon ɗin da ya shigo yau zai yi kusan kwana ashirin kafin ya fita. Idan ya fita zuwa gidan ma'aikacin da sai an yi albashi yake biya, a ƙara wasu kwana ashirin ko talatin. Dila kuwa mako ɗaya ya ɗaga maka. Ka biya kaya ranar bakwai, kuɗinsu sun dawo ranar arba'in ko hamsin. Duk kwanakin da ke tsakani, jarinka ne yake riƙe da su.

To idan ciniki ya ƙaru da rabi, kayan da za ka ajiye suna ƙaruwa, masu karɓar bashi suna ƙaruwa, kuma duk wannan ƙarin kai za ka fara zuba kuɗinsa kafin ribarsa ta zo. Ribar naira 12 ce a ɗari, amma kowane ƙarin cinikin naira ɗari yana bukatar ka fitar da 88 tukuna. A watan nan ribar ta ƙaru da dubu ɗari, kaya da bashin mutane kuwa sun haɗiye dubu 480. Shagon da ke sayar da kayan da ribarsu siririya ce, irin su sukari da shinkafa da taliya, shi ya fi faɗawa wannan rami, domin ribar ba ta isa ta ɗauki nauyin girman da kanta.

Akasin haka ma yana faruwa, kuma ya fi haɗari don ba ya ciwo. Shagon da ke mutuwa yakan cika da kuɗi. Mai shi ya rage sari, kanta tana raguwa a hankali, durowa tana cika, yana kashewa yana ganin kasuwa ta yi kyau. Uwar kuɗi yake ci. Alamar tana bango: inda da ake jera katon uku a zurfi, yanzu layi ɗaya ne a gaba, bayansa fayau. Wasu har kwalayen da ba komai a ciki suke jerawa don kada maƙwabta su gane.

Rarrabe wanda zai dawo da wanda ya tafi

Bayan ka gano inda kuɗin suka shiga, ba duka ne matsayinsu ɗaya ba. Hayar da aka biya ta wuce, amma ta saya maka wata goma sha ɗaya na kwanciyar hankali. Kuɗin gida sun tafi ba dawowa. Saura biyu ne ke bukatar bincike, kaya da bashi, domin su ne lissafi ke ɗauka a matsayin dukiya alhali wani ɓangarensu ya riga ya mutu.

Buɗe littafin bashi ka kasa sunayen gida uku bisa ranar karɓa. Waɗanda ba su kai wata ɗaya ba, waɗanda ke tsakanin wata ɗaya da uku, da waɗanda suka haura wata uku. Rukunin farko kuɗi ne a kan hanya. Na biyu sai an bi. Na uku, gaskiya, ka cire su daga lissafin da za ka dogara da shi. Ba yafewa ka yi ba, ka ci gaba da tuntuɓa, amma kada ka yi wa dila alkawari da su. Akwai kuma wata alama da ta fi tsufan bashi muni: mutumin da kake bi dubu talatin ya daina biyowa ta ƙofar shagonka, yaransa suna sayayya a shagon gaba da kuɗi a hannu. Ka rasa kuɗin, ka rasa cinikin.

Dubi nauyin wannan dubu talatin ɗin da kyau. Uwar kuɗinka a ciki naira 26,400 ce. Da ribar 12 a ɗari, sai ka yi cinikin naira 220,000 kafin ka mayar da ita, wato cinikin fiye da kwana biyu a watan da kasuwa ta fi kyau, ba tare da an biya yaro ko an sa mai a janareta ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma shagon unguwa ba zai rayu ba tare da shi ba, tunda rabin masu sayenka mutanen da kuke sallah sahu ɗaya ne. Maganar ita ce iyaka. Ka sa wa littafin gaba ɗaya rufi, misali kada ya wuce ribar wata ɗaya. Ka sa wa kowane gida nasa. Wanda bai sauke na baya ba, ba a ɗora masa sabo. Kuma ka gaya wa yaron shago iyakar, don shi ake lallaɓawa idan ka tafi masallaci: «Yallaɓai ya sani, rubuta kawai.»

Kaya ma haka. Bi kanta da alƙalami ka yi wa kowane kaya tambaya ɗaya: yaushe na sari wannan? Sukari da taliya da man gyaɗa suna juyawa cikin kwanaki. Amma kusan kowane shago yana da kusurwar kwantai: man shafawar da wani ɗan talla ya cusa maka, biskit ɗin da yara suka ƙi, katon biyar na abin da ake sayen ɗaya a wata. A takarda suna nan a farashinsu, a zahiri kuɗi ne da aka binne. Abin da ya yi wata uku bai motsa ba, ka karya shi ko da a uwar kuɗinsa ne, ko ƙasa kaɗan. Naira dubu arba'in da ta fito daga kwantai ta shiga taliya tana iya juyawa sau uku a wata. Mutane suna ƙin yin haka don karyarwar tana bayyana a matsayin asara, ajiyewar kuwa ba ta bayyana. Amma asarar ta riga ta faru tun ranar sari.

A nan ne kuma ragin dila ke yaudara. Ya ce ka ɗauki katon hamsin a rage maka naira ɗari biyu a kowanne. Dubu goma ke nan, riba ce ta gaske. Amma idan katon goma kake sayarwa a mako, ka ɗaure kuɗin katon arba'in na tsawon makonni don dubu goma, kuma ranar da man gyaɗa ya yanke maka ba ka da abin sarinsa. Ragin yana da amfani ne kawai ga wanda ke da kuɗin da ba su da aikin yi.

Ribar da tashin farashi ke ƙirƙira

Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, masu shaguna a Najeriya sun san wata irin riba da ba ta ƙosarwa. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a alkaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, kuma akwai lokutan da farashin safe a kasuwa daban yake da na yamma.

Ga yadda take aiki. Ka sari katon ashirin a kan naira 10,000 kowanne, ka sayar a 11,500. Ka karɓi 230,000, littafi ya ce ka ci ribar 30,000. Ka koma kasuwa ka tarar katon ya zama 12,000. Duk kuɗin, uwa da riba, katon goma sha tara za su saya maka da canjin dubu biyu. Ka yi riba a takarda, shagonka ya ragu da katon ɗaya. Idan kuma ka riga ka kai dubu talatin ɗin gida, katon goma sha shida za ka dawo da su.

Maganin shi ne ka sa farashi bisa abin da za ka sake saro kayan, ba bisa abin da ka saro su ba. Kafin ka buɗe sabon katon, kira dila ka ji farashin yau. Masu saye za su yi ƙorafi cewa tsohon kaya ne, kuma ba sai ka ɗora duka a rana ɗaya ba, amma ka san cewa duk nairar da ka bari a ƙasa da farashin sabon sari daga jarinka ta fita. Lokacin irin wannan, ka riƙa auna jarinka da katon da buhu, ba da naira ba. Kuma ka tuna farashi yana saukowa ma. Wanda ya cika sito a tsada ya wayi gari kaya sun karye, shi ma ƙidayarsa a farashin sari ƙarya take gaya masa, sai ya rubuta su a farashin da za su iya fita.

Duba mako huɗu a gaba

Duk abin da muka yi zuwa yanzu bayanin abin da ya wuce ne. Abin da ke hana a kunyata shi ne takarda ɗaya mai layi huɗu, kowane layi mako guda. A kowane mako ka rubuta kuɗin da za ka fara da su, abin da kake sa ran zai shigo hannu, da abin da dole ya fita. A wajen shigowa ka sa cinikin hannu da hannu kaɗai, da bashin da ka tabbatar za a biya a makon, kuma ka rage ɗan wani abu don zuciya tana son ƙari. A wajen fita kada ka rage komai.

Mu gwada da makon farko na azumi a shagonmu. An fara da 50,000. Cinikin hannu da hannu, a ce 650,000. An yi albashi, ana sa ran 120,000 daga masu bashi. Jimilla 820,000. Abin da ke jira: dila 300,000, albashin yaro 30,000, wuta da dako 15,000, gida 30,000. Jimilla 375,000. Saura 445,000 na sari. Da mai shagon ya bi al'adarsa ya yi sarin dubu ɗari bakwai a mako, da ya sake komawa wurin dila da roƙo. Amma sito a cike yake da kayan azumi, don haka wannan makon na sayarwa ne. Ya sari abin da ya yanke kawai, na kamar dubu ɗari uku, ya bar sauran a hannu. Takardar ba ta ƙara masa ko kwabo ba, ta dai nuna masa ramin tun yana da mako guda a gabansa, lokacin da kiran masu bashi ko roƙon dila ya ƙara kwana uku yake da sauƙi.

Manyan biyan da ke zuwa sau ɗaya su ma a gutsura su. Hayar 240,000 ba ta zo ba-zata ba, an san ranarta tun bara. Naira dubu biyar a mako a wani asusu daban, ko zubin adashin da aka daidaita kwasarsa da watan haya, da ta wuce ba a ji ba. Haka firiza ko janareta: idan ka sayi firizar dubu ɗari huɗu da za ta yi shekaru tana aiki, lissafin riba ɗan kaɗan zai ɗauka kowane wata, amma durowa a rana ɗaya take biya. Kada a saye ta da kuɗin sari a watan da ake cika sito. Zakka ma ta shiga wannan sahu. Ta kayan kasuwanci ana ƙiyasta ta ne a kan kuɗi da kayan sayarwa idan sun kai nisabi shekara ta zagayo, ɗaya cikin arba'in, don haka mai kayan da suka kai nisabi yana iya samun kansa da wajibin zakka a ranar da durowarsa ba ta da kuɗin fitar da ita. Yadda ake lissafa basussuka a ciki, malamai ne za su warware maka.

Saura kuɗin gida, wanda ya fi kowanne wuyar kamawa, don ba ya fita a dunƙule. Dubu biyu da safe, gwangwanin madara da rana, sabulu biyu da dare. Ka yanka wa kanka albashi na mako, ka ɗauka rana ɗaya, kuma abin da gida ya ɗauka a kanta a rubuta shi a shafinsa kamar na kowa. Wajen yanka albashin, kada ka dubi watan da ya fi kyau. A shagonmu watan yau da kullum ribarsa 150,000 ce, gida yana cin 120,000, abin da ke komawa jari dubu talatin ne kawai. Da wannan dubu talatin ɗin ake son a ɗauki tashin farashi, da bashin da zai mutu, da ƙarin kaya. Ba za ta isa ba, kuma shi ya sa ƙarin cinikin Sha'aban ya tafi da kusan duk ajiyar shagon. Ko dai gida ya sauko zuwa dubu ɗari har jari ya yi ƙarfi, ko a bar shagon ya girma a hankali daidai abin da ribarsa za ta iya ɗauka.

Idan an kai ga tunanin rance don cike giɓin, lissafin ƙofa-ƙofa da ka yi shi zai gaya maka ko ya dace. Giɓin da ya fito daga sukarin azumi da zai ƙare cikin mako uku yana biyan kansa, kuma ƙarin kwanaki daga dila ya wadatar da shi. Giɓin da ya fito daga bashin da ya haura wata uku, da kwantai, da cefanen da ya fi ƙarfin riba, rance ba ya rufe shi. Wata mai zuwa za ka same shi yadda ka bar shi, ga kuma mai rance a bakin ƙofa.